Takardar Neman Mayar da Kuɗin da Aka Kashe a Tafiyar Aiki zuwa Haɗeja, Gumel da Maigatari

Laraba, 20 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Shugaban Sashen Kuɗi,
Ta hannun Manajan Sayen Kaya,
Babban Ofis, Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda ne domin in gabatar da lissafin kuɗin da na kashe a tafiyar da kamfani ya tura ni jihar Jigawa daga ranar Talata 12 zuwa ranar Juma'a 15 ga Nuwamba, 2024, in kuma nemi a mayar mini da abin da na ƙara daga aljihuna a kan kuɗin guzurin da aka ba ni. Aikin da aka ɗora mini shi ne in duba riɗin bana a Haɗeja da Malam Madori da Maigatari, in gwada danshinsa, in ɗauko samfuri daga hannun dillalan da muke shirin ƙulla ciniki da su, tare da samfurin zoɓon da ya fara shigowa kasuwa. Na tafi da motar kamfani da direba ɗaya, bisa takardar izinin tafiya mai lamba 47 wadda Manajan Sayen Kaya ya sa wa hannu ranar Litinin 11 ga wata, kuma a ranar ce aka ba ni naira 250,000 a matsayin kuɗin guzuri na kwana uku.

Ga bayanin abin da aka kashe dalla-dalla. Kowane rasit na rubuta masa lamba da jan biro a kusurwarsa ta dama, lambar kuma ita ce ke ƙarƙashin "Shaida" a jadawalin.

| Lamba | Rana | Abin da aka biya | Wuri | Naira | Shaida |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 12/11 | Fetur, lita 60 a kan 1,090 | Kano | 65,400 | Rasit 1 |
| 2 | 12/11 | Masauki, ɗaki biyu, kwana ɗaya, har da haraji | Haɗeja | 32,250 | Rasit 2 |
| 3 | 13/11 | Samfurin riɗi, tiya 6 a kan 4,500 | Malam Madori | 27,000 | Rasit 3 |
| 4 | 13/11 | Taya ɗaya 'yar hannu | Gumel | 55,000 | Rasit 4 |
| 5 | 13/11 | Ladan mai faci na ɗaura tayar | Gumel | 3,000 | Babu rasit |
| 6 | 13/11 | Masauki, ɗaki biyu, kwana ɗaya | Gumel | 25,000 | Rasit 5 |
| 7 | 14/11 | Fetur, lita 30 a kan 1,150 | Gumel | 34,500 | Rasit 6 |
| 8 | 14/11 | Kuɗin cire naira 60,000 wajen mai POS | Gumel | 1,500 | Rasit 7 |
| 9 | 14/11 | Samfurin riɗi da na zoɓo | Maigatari | 18,500 | Rasit 8 |
| 10 | 14/11 | Dako, ƙananan buhuna da ɗinki | Maigatari | 4,500 | Babu rasit |
| 11 | 14/11 | Masauki, ɗaki biyu, ƙarin kwana ɗaya | Gumel | 25,000 | Rasit 9 |
| 12 | 12 zuwa 15/11 | Kuɗin abinci na kwana huɗu: nawa 40,000, na direba 24,000 | Duk tafiyar | 64,000 | Takarda 10 |
| | | Jimillar abin da aka kashe | | 355,650 | |
| | | Kuɗin guzurin da na karɓa | | 250,000 | |
| | | Abin da nake neman a mayar mini | | 105,650 | |

Na san cewa ƙarin da ya haura naira dubu ɗari a kan kasafin da aka amince da shi abu ne da dole a tambaye ni dalilinsa, saboda haka zan yi bayanin wuraren da suka jawo shi tun kafin a tambaya.

Mafi girmansu shi ne taya. Ranar Laraba bayan Azahar, mun baro Malam Madori muna kan hanyar Gumel, tayar baya ta ɓangaren direba ta fashe. Allah ya kiyaye, direban ya riƙe motar har ta tsaya a gefen hanya, muka ɗaura safaya muka ƙarasa. Da muka kai wa mai faci a Gumel ya warware ta a gabanmu, sai ga tsaga a gefenta mai tsawon tafin hannu, wayoyin ciki duk sun fito, ya ce wannan ba ta faci ba ce, kuma ni ma da na sa yatsa na ga haka ne. Safayar da muka ɗaura kuwa ta sha hanya, zanenta ya kusa shafewa, ga shi washegari za mu shiga Maigatari da ƙauyukan da ke kewaye da ita inda hanya yashi ce. Ban ga dacewar mu ci gaba da tafiya babu ko taya ɗaya a ajiye ba. Na kira Manajan Sayen Kaya da ƙarfe uku da kwata, ya ce a sayi 'yar hannu mai kyau kada a sayi sabuwa, tunda motar za ta shiga gareji a ƙarshen wata. An fara yi mana kuɗinta naira 65,000, muka daidaita a 55,000. Tsohuwar tayar mun dawo da ita, tana hannun mai kula da motoci, duk wanda yake son ganinta zai iya gani.

Na biyu shi ne ƙarin kwana ɗaya. Shirin farko shi ne mu gama da Maigatari ranar Alhamis, wadda ita ce ranar kasuwar garin, mu kamo hanyar Kano da La'asar. Sai dai dillalai biyu daga cikin ukun da aka ce in gani ba su samu sukuni ba sai da kasuwa ta fara watsewa, kuma ba zan karɓi samfurin da aka ɗebo mini a bayan idona ba, domin irin wannan samfurin ba ya nuna gaskiyar abin da ke cikin buhu. Na tsaya aka buɗe sito, aka soka buhuna daga sama da tsakiya da ƙasan jeri, na gwada danshi na rubuta, ba mu gama ba sai da aka kira Magariba. Dokar kamfani ta hana a tuƙa motarsa a kan babbar hanya bayan ƙarfe shida da rabi na yamma, don haka na sanar da Manaja, ya amince mu koma masaukin Gumel da ke kusa mu kwana, muka taso da sassafe ranar Juma'a. Saƙon da ya aiko mini na amincewa na buga shi a takarda, yana bayan rasit na 9. Wannan kwanan ya jawo naira 25,000 na masauki da naira 16,000 na abincin yini na huɗu, wato 10,000 nawa da 6,000 na direba, daidai da ƙa'idar kuɗin abinci da kamfani ya tsayar.

Sayen tayar ne ya cinye tsabar kuɗin da ke hannuna, kuma masu sayar da hatsi a bakin sito da 'yan dako tsaba suke karɓa, shi ya sa na cire naira 60,000 daga asusuna wajen mai POS a Gumel, ya caje ni 1,500. Idan aka haɗa taya da ladan mai faci da ƙarin kwana da abincinsa da wannan caji, sun kama naira 100,500. Ragowar naira 5,150 ta fito ne daga wurare uku: harajin kashi 7.5 cikin ɗari da masaukin Haɗeja ya ɗora, wanda ba mu sa shi cikin kiyasi ba, naira 2,250. Bambancin farashin fetur tsakanin Kano da Gumel, naira 60 a kowace lita, wato 1,800. Sai naira 1,100 da samfurin Maigatari ya ɗara abin da muka ƙiyasta.

Akwai abubuwa game da rasit ɗin kansu da nake roƙon mai duba lissafi ya lura da su, domin kada a ga kamar lambobi sun saɓa. Rasit na 2 yana nuna jimillar naira 38,700, alhali ni 32,250 na rubuta. Dalili shi ne masaukin ya haɗa abincin daren da muka ci, na naira 6,000, tare da harajinsa na 450, a cikin takarda ɗaya da kuɗin ɗaki. Tunda kamfani yana biyan kuɗin abinci daban, neman wannan kuma zai zama karɓa sau biyu, saboda haka na cire 6,450 ɗin, na ja layi a ƙarƙashinsa. Rasit na 5 da na 9 ba su nuna haraji ba, abin da aka rubuta a kansu shi na biya. Rasit na 3 da na 8 da hannu aka rubuta su a takardar dillalan, kowanne da hatimi da sa hannun mai shi. Rasit na 1 da na 6 da na 7 kuwa irin siririyar takardar nan ce ta na'ura wadda rubutunta ke dushewa da zafi, na 7 ma har ya fara gogewa a cikin mota, don haka na yi wa ukun hoto na manna kowanne kusa da asalinsa.

Abu biyu ne ba su da rasit, lamba ta 5 da ta 10, jimillarsu naira 7,500. Mai facin a gindin bishiya yake aiki da injin iskarsa, yaran da suka ɗauko mana samfuri daga sito zuwa mota suka ɗinke buhunan su ma ba su da takardar da za su bayar. Na rubuta bayanin kowanne a takardar shaida guda, na sa hannu, direban da aka biya kuɗin a gabansa shi ma ya sa hannu. Idan ƙa'idar sashenku tana bukatar wani fom na daban a kan irin wannan, a sanar da ni in cika shi.

Game da mai, agogon motar ya nuna mun yi tafiyar kilomita 512, kuma an rubuta lambar fita da ta dawowa a littafin motar. Mun ɗauke ta tankinta ya kusa ƙarewa, mun dawo da ita da mai sama da kwata. Busasshen kifin da na saya wa iyalina a Haɗeja da katin wayar da na sa, da kuɗina na biya su, ba sa cikin wannan lissafi. Samfurori tara da na kawo na miƙa su ga ɗakin gwaji ranar Juma'a da hantsi, rahoton tafiyar kuma yana hannun Manajan Sayen Kaya tun ranar Litinin 18 ga wata.

Ranka ya daɗe, naira 105,650 ɗin nan daga albashina na fitar da su, daga cikin abin da na ware domin kuɗin makarantar yara da ragowar hidimar gida ta wannan wata, kuma na yi haka ne domin kada aikin da aka aike ni ya tsaya a hanya. Ina roƙon a duba wannan takarda, idan an gamsu da ita a tura kuɗin cikin asusun da ake biyana albashi kafin ranar Juma'a 29 ga Nuwamba. Takarda ta zo cikin kwana bakwai da dawowata kamar yadda ƙa'ida ta tanada, kuma ina ofis duk wannan mako idan akwai layin da ake son ƙarin bayani a kansa.

Na haɗo da asalin rasit tara, da takarda ta 10 wadda direba ya sa wa hannu cewa ya karɓi kuɗin abincinsa, da takardar shaidar abubuwa biyun da ba su da rasit, da kwafin izinin tafiya mai lamba 47, da saƙon amincewar Manaja.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mataimakin Jami'in Sayen Kaya,
Sashen Sayen Kaya, Kano.