Takardar darasi: iyakar da ke tafiya infiniti da asimtot na tsaye

Wannan takarda ta ajin lissafi na ranar Asabar ce, wanda muke yi a Gadon Ƙaya da ɗaliban shekarar farko na Jami'ar Bayero. Ku karanta da biro a hannu, kowane misali ku sake yin sa da kanku.

A makon jiya mun saba da sa darajar x kai tsaye mu sami iyaka. Yau za mu ga inda hakan ke ba mu lamba a sama, sifili a ƙasa, kamar 4/0. Da yawanku da zarar kun ga haka sai ku rubuta ∞ ku wuce. To, rabin aiki kuka yi. Ganin lamba bisa sifili yana nuna cewa amsar za ta yi girma ba iyaka, amma bai faɗa muku sama za ta yi ko ƙasa ba. Alama ce ke yanke wannan hukunci, kuma a nan ake zubar da maki.

A ce kana cikin adaidaita sahu, saura kilomita 6 ka isa gida. Lokacin da za ka ɗauka shi ne T = 6/v, inda v ke nufin gudu. In ana gudun kilomita 30 a awa, minti 12 ne. In cunkoson bakin Kantin Kwari ya mayar da gudun kilomita 3 a awa, awa 2 ke nan. In ya koma 0.3, awa 20. Duk yadda v ya matso kusa da sifili, T sai ƙara hawa yake, babu lambar da ba zai wuce ba. Wannan muke rubutawa:

lim (v→0⁺) 6/v = +∞

Alamar ∞, wadda John Wallis ya shigo da ita a 1655, ba lamba ba ce da T zai kai ya tsaya. Gajeriyar hanya ce ta cewa yana ta hawa. Ƙaramin fulos da ke kan sifilin kuwa yana nufin muna matsowa ta dama, ta lambobin da suka ɗara sifili kaɗan. Idan iyakar f(x) ta ba da +∞ ko −∞ yayin da x ke matsowa kusa da a, ko da ta gefe ɗaya ne kawai, layin x = a shi ne asimtot na tsaye.

Mu ɗauki f(x) = (x + 1)/(x − 3). Ƙasa na zama sifili a x = 3, sama kuma 4 ne a wurin. Sama ba ruwansa, fulos ne ko ta ina ka zo. Rigimar tana ƙasa. Ta dama, x ya ɗara 3 kaɗan, saboda haka x − 3 ɗan mitsitsin fulos ne, mu rubuta shi 0⁺. Fulos bisa fulos, amsa +∞. Ta hagu x bai kai 3 ba, x − 3 ɗan mitsitsin mainos ne, 0⁻. Fulos bisa mainos, amsa −∞. Mai shakka ya ɗauko kalkuleta: f(3.01) = 401, f(2.99) = −399. Tunda gefe biyun ba su yi daidai ba, babu iyaka guda a x = 3. Ko ∞ ba za ka rubuta ba, sai dai ka kawo kowane gefe daban.

Kada ku haddace cewa dama fulos ce, hagu mainos. Duba 2x/(4 − x) yayin da x→4⁺. Sama 8 ne. Amma in x ya wuce 4, to 4 − x ya faɗa ƙasa da sifili. A x = 4.01 za ka sami 8.02 bisa −0.01, wato −802. Amsa −∞ ce, duk da ta dama muka zo. Ƙaramar alamar da ke kan 4 gefen x take nunawa, ba alamar amsa ba.

In ƙasa na da sukwaya, abin ya zo da sauƙi. A g(x) = (x − 5)/(x − 2)², ƙasa fulos ne ta kowane gefe, sama kuma −3 ne a x = 2. Dama da hagu duk −∞: g(2.1) = −290, g(1.9) = −310. A nan kana iya rubuta lim (x→2) g(x) = −∞ kai tsaye. Haka abin yake: fakta mai fawa 2, 4, 6 ba ta sauya alama in an tsallake tushenta, mai fawa 1, 3, 5 tana sauyawa.

Akwai wani kuskure da na gani a takardun gwajin da ya wuce, kuma ya fi damuna don masu ƙoƙari ne ke yin sa. An ba ku (2x − 7)/(x − 3), x→3⁺. Wasu suka ce bari su gwada x = 4 tunda tana dama da 3, suka sami 1/1, suka rubuta +∞. Ai 4 ta yi nisa. Tsakanin 3 da 4 akwai 3.5, inda sama ke zama sifili ya sauya alama. Daf da 3 sama −1 ne, ƙasa 0⁺, amsa −∞. Gwada 3.01 ka ga −98. In za ka gwada lamba, ta kasance kusa ƙwarai. Ni dai na fi son ka sa ainihin lambar da x ke matsowa kusa da ita a duk faktar da ba ta zama sifili, ka bar binciken gefe ga wadda ke zama sifili kaɗai.

Sai batun 0/0, wanda ba ɗaya yake da 4/0 ba ko kaɗan. Ɗauki

h(x) = (x² − 1)/(x² + x − 2) = (x − 1)(x + 1) / [(x − 1)(x + 2)]

Ƙasa na zama sifili a wuri biyu, x = 1 da x = −2, amma asimtot ɗaya ne. A x = 1 faktar (x − 1) tana sama tana ƙasa, a soke ta, a bar (x + 1)/(x + 2), iyaka 2/3. Giraf ɗin ɗan rami kawai yake da shi a nan. A x = −2 ne asimtot yake. Sama −1 ne. Ta dama x + 2 ya zama 0⁺, amsa −∞, ta hagu 0⁻, mainos bisa mainos, +∞. Lambobi masu mainos na rikita mutane: daman −2 shi ne −1.99, ba −2.01 ba. Zana layin lamba a gefen takarda, ba abin kunya ba ne. Kuma ba kullum 0/0 ke nufin rami ba: (x − 1)/(x − 1)³ bayan sokewa ya koma 1/(x − 1)², wanda ke tafiya +∞ ta gefe biyu.

Hanyar ɗaya ce ga tan x = sin x / cos x. Kusa da π/2, sin x na kusan 1, cos x kuma fulos ne ta hagu, mainos ta dama, don haka +∞ ta hagu, −∞ ta dama. Shi kuwa ln x yana gangarawa −∞ yayin da x→0⁺, kuma ba shi da hagu sam, tunda babu ln na lamba mai mainos.

Aikin gida. A kowanne ku nemo asimtot na tsaye, ku kawo iyakar dama da ta hagu, ku nuna alamar sama da ta ƙasa a rubuce. Amsa ba tare da alamomin ba rabin maki ce.

1. (3 − x)/(x + 4)
2. x/(x² − 9)
3. (x² − 4)/(x² − 5x + 6)
4. (1 − x)/(x + 1)²
5. 1/sin x, kusa da x = π

A kawo ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe. Na 3 yana da rami, a faɗi inda yake da darajar iyakar a wurin.