Neman Hutun Rashin Lafiya

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Manaja,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto ne in nemi izinin hutun rashin lafiya na kwana huɗu, daga yau Litinin 14 ga wata zuwa Alhamis 17. Ga takardar likita nan na haɗa da wannan wasiƙa.

Tun daren Asabar amai da gudawa suka kama ni, ga murɗar ciki da ɗan zazzaɓi. Da farko na ɗauka abin zai lafa kafin gari ya waye, na yi ta kurɓar ruwan gishiri da sukari, amma ko maƙwarwa biyu ba ta zama a cikina. Da safiyar Lahadi ko tsayuwa ba na iyawa sai jiri ya kwashe ni, dole ƙanena ya kai ni asibiti. Likita ya ce kumburin ciki da hanji ne, kuma ruwan jikina ya ragu ƙwarai. Sai da aka yi mini ƙarin ruwa leda uku, aka sallame ni da daddare.

Alhamdu lillahi aman ya tsaya, gudawar ce dai ba ta gama sakina ba, jikin kuma babu ƙwari. Na so in lallaɓa in shigo ranar Laraba, amma likita ya hana. Ya ce ciwon yana yaɗuwa ta hannu da kofi da banɗaki, don haka kada in shiga cikin jama'a sai na yi kwana biyu cur da warkewa. Mu shida ne a ofishinmu, banɗakinmu ɗaya. Gara in yi fashin kwana huɗu da in kwantar da sashe guda.

Game da aiki, makullan sito suna cikin durowar teburina ta sama, kuma na yi waya da Malam Sani, ya yarda zai karɓi kayan da za a kawo gobe Talata. Lissafin kayan da suka fita makon jiya saura shafi biyu; shi zan fara kammalawa ina dawowa. In wani abin gaggawa ya taso a kira ni, sai dai a yi mini uzuri idan ban ɗauka nan take ba, barci yana yawan ɗauke ni.

Ina roƙon a lissafa waɗannan kwanaki cikin hutun rashin lafiya, kada a cire su daga hutuna na shekara. Kwafin takardar ce na turo, ta ainihin zan kawo da hannuna ranar Juma'a 18 ga wata in Allah ya yarda. Idan likita ya ƙara mini kwanaki a dubawar ranar Alhamis, zan sanar da kai a ranar.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Usman
Sashen kula da sito