Neman tabbatar da takardar shaida

Zuwa ga Rajistara,
Jami'ar Gana, Legon.

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina da shagon siyar da kayan gini a Nima, mun ɗauki wani matashi aikin akanta watan da ya wuce, ya kawo mana takardar digiri ta jami'arku a fannin akanta, shekarar 2021. Don Allah ku duba rajistarku ku faɗa mana ko ta gaskiya ce, sunan da shekarar da matakin da ya fita dashi duk sun dace. Ba wai muna zarginsa bane, yaron nada hankali wallahi, amma kuɗin shago gaba ɗaya a hannunsa zasu dinga bi shi yasa nake so hankalina ya kwanta. Na haɗo da fotokwafin takardar da izininsa a rubuce, in akwai kuɗin da ake biya ku sanar damu.

Nagode,
Mai shago, Nima, Accra.