Baba, shekara biyar

Yau shekara biyar cif da rasuwar mahaifinmu. Ranar Talata ce, 14 ga Janairu 2020, bayan sallar asuba, ana tsakiyar hunturu. Allah ya jiƙansa.

Wannan hoton shi kaɗai ne muke da shi ni da shi mu biyu. A Samaru aka ɗauka, ranar da na gama jami'a. Ku dubi tazarar da ke tsakaninmu, mutum ɗaya zai iya shiga ya tsaya. Mai hoton ya ce, "Baba, ɗan matso kusa da shi mana." Baba ya ce, "Nan ma ya isa." Ni ne ɗan fari, kuma shi mutumin da ne, haifaffen cikin ganuwa. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" nake, in kuma da baƙi in zama "yaron nan". Ƙannena yana kiransu da sunansu, har ya ja Auta da wasa. Na san alkunya ce, an sha gaya mini, amma sani bai hana abin ya dame ni ba lokacin ina yaro.

Ba zan ce Baba mutum ne mai sauƙi ba, don waɗanda suka san shi za su karanta wannan. Yana da faɗa. In ya ce a dawo gida kafin magariba, to ko a Ƙofar Doka kiran salla ya riske ka, ka san abin da za ka tarar. Ba ya ba da haƙuri da baki. In ya gane shi ne bai kyauta ba, sai dai ka ga ya dawo da tsire a takarda ya ajiye kusa da kai, ya wuce ɗaki. Mama ce ke fassara mana: "Ku ci, haƙuri yake ba ku."

Maɗinki ne, ɗinkin hannu na manyan riguna, sana'ar da aka san birnin Zariya da ita. A zaure yake zama kan buzu, ya jingina da bango, rigar a kan gwiwa, rediyo a gefe yana kama Kaduna. Aska biyu, aska takwas, duk na san sunayensu tun ban iya karatun boko ba. Riga ɗaya takan ci masa wata biyu ko fiye. Yatsansa na tsakiya ya yi kanta saboda tura allura, har yakan ce ko ƙaya ta san ba ta da wurin shiga. Da idonsa ya fara rauni, ni nake zura masa zare kafin in tafi makaranta. Allura biyar nake jera masa a jikin hularsa. Iyakar abin da na koya ke nan. Ya so in zauna in iya, na ƙi, ina ganin aikin wahala ne marar riba. Bai tilasta mini ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Shekaru muka yi haka.

Ciwon nasa bai daɗe ba, kwana tara ne. Ina Kaduna wurin aiki, na zo ranar Asabar na duba shi a asibitin Shika, na ga da sauƙi, na koma Lahadi da yamma. Ranar Litinin da dare ƙanwata ta kira ta ce ga Baba. Ya ce, "Kai, ka isa lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "To, madalla." Na ce zan kira da safe don ina cikin mutane. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na daɗe ina juya ta a raina, yanzu na bari. Ko da na tsaya a wayar, ban jin za mu ce wani abu da ya wuce haka. Haka muke magana.

Da aka yi masa salla, liman ya yi sanarwar da aka saba, duk wanda yake bin sa bashi ko shi yake bi, ya nemi iyali. Bayan sadakar uku Mama ta miƙo mini wani littafi mai bangon shuɗi daga cikin akwatinsa. Da ajami yake rubutu, ni kuma ajamina ya yi tsatsa, sai da Kawu ya zauna muka bi shi layi-layi. Wane ya kawo shadda, ya ba da kaza, saura kaza. Kuɗin zare. Kuɗin taki na gonar hanyar Giwa. Can tsakiya muka fara cin karo da sunana, cikakke, da hannunsa, kowane zangon karatu, da adadin kuɗi a gabansa, wani lokaci da sunan wanda ya ranta a wurinsa. Duk an soke su da layi, alamar an biya. Kawu ya karanta sunan sau uku ko huɗu, sannan ya ce, "To, ka dai gani," ya juya shafi. Ban yi kuka a lokacin ba. Abin da na tuna shi ne yadda nake ƙorafi cewa kuɗin da yake ba ni ba sa isa.

Bashin da aka same shi da shi naira dubu goma sha ɗaya ne, na mai zare a kasuwa. Muka biya a ranar.

Akwai riga ɗaya da ya bari bai gama ba, ta wani bawan Allah daga Soba. Yaronsa na zaure ne ya ƙarasa ta. In ka duba wajen aljihu za ka ga inda hannu ya canja. Mai rigar ya zo karɓa, muka nuna masa, muka ce a rage masa kuɗi. Ya ƙi, ya cika kuɗinsa, ya yi addu'a ya tafi.

Abubuwa da yawa sun faru bai gani ba. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan tafiyarsa aka shiga kullen korona. Mama takan ce Allah ya so shi, don da yana nan da an sha rigima ranar da aka ce kada a je masallaci. A watan Satumba na shekarar Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu, sarkin da Baba ya je kallon hawansa tun yana matashi. Auta ta yi aure. Ni ma an yi mini haihuwa, namiji, na mayar masa da sunan Baba, muna kiransa Abba. Abin dariyar shi ne yanzu ni ma ba na iya kiran sunan yaron na yanka.

Kewar ba kullum take zuwa ba, gaskiya. Sai in yi makonni ban tuna ba, sannan in ga wani tsoho a kan keke da hula ta karkace, ko in zo zura wa Mama zare a allura.

Yau da safe na je maƙabarta ni da ƙanena. Damina ta ɗan zaftare gefen kabarin, mun gyara. Mama ta yi waina an raba wa almajiran unguwa.

Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Wanda Baba ya taɓa ɓata wa rai, na san akwai, muna roƙo ya yafe masa. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, da dukkan iyayenmu da suka riga mu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.