Neman ƙarin bayani kan sakamakon jarrabawar Tsarin Sautin Hausa (HAU 305)

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, barka da warhaka. Ina fata Malam yana lafiya tare da iyali, kuma ya ya fama da aiki? Allah ya taimaka, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sunana Nura, ɗalibinka ɗan aji uku a Sashen Harsunan Nijeriya, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki kwas ɗin Tsarin Sautin Hausa a zangon farko. Lambar rajistata tana ƙarewa da 047, cikakkiyarta kuma tana jikin katin jarrabawar da na maƙala a wannan saƙo. Wataƙila Malam zai tuna ni, ni ne wanda ya gabatar da jingar rukuni na huɗu a kan ganɗantawa.

Na so in zo ofis in yi wannan magana baki da baki, don ita ce ta fi dacewa da ladabi. Sai aka shaida mini a sashe cewa Malam yana wajen taro har ƙarshen mako. Shi ya sa na rubuto, ina neman afuwar shigo wa Malam akwatin saƙo ba tare da izini ba.

Dalilin rubutowata shi ne sakamakon da aka saki ranar Litinin. Da na duba a fotal, na tarar na sami maki 41 a wannan kwas, wato E. Na je na duba takardar da aka liƙa a allon sanarwa ko akwai bambanci, ita ma haka ta nuna. To a gwaji da jinga, bisa jerin da Malam ya karanta mana a aji kafin jarrabawa, ina da 24 cikin 30. Idan aka cire wannan daga 41, abin da ya rage shi ne 17 cikin 70. Wannan 17 ɗin ne ya ɗaure mini kai, kuma shi nake roƙon Malam ya taimaka mini in fahimta.

Tun kafin in yi nisa, ba ƙarin maki nake roƙo ba, kuma ba ina cewa an zalunce ni ba ne. Malam ne ya tsara tambayoyin, shi ya san abin da yake nema a kowace amsa. Abin da nake so in sani shi ne inda matsalar take: ko a fahimtata ne, ko kuwa wani abu ne ya faru da takardar tsakanin ɗakin jarrabawa da shigar da maki. Kowanne ne a ciki, sanin sa zai amfane ni.

Bari in kawo abin da na rubuta gwargwadon yadda nake tune da shi, domin idan kuskuren a fahimta yake, mai yiwuwa Malam ya gano shi tun daga nan ba sai an ɗauko takarda ba.

An ce a amsa tambaya ta ɗaya, mai maki 25, da wasu uku masu maki 15 kowace. Tambaya ta ɗaya a kan naso take. Na bayyana shi a matsayin tasirin da wani sauti yake yi a kan maƙwabcinsa har ya ɗauki wasu siffofinsa ko ya rikiɗe ya koma shi gaba ɗaya. A ragaggen naso na kawo yadda “gidan Bala” yake fita “gidam Bala” a baki, inda ɗan hanci yake bin gurbin furucin baƙin da ke gabansa. A cikakken naso na kawo “rigar Musa” da ake furtawa “rigam Musa”, da “motar Sani” da ke komawa “motas Sani”. Na kuma yi bayanin cewa ƙa'idar rubutu ba ta nuna waɗannan sauye-sauye, furuci ne kawai yake ɗauke da su.

A tambaya ta biyu, wadda ta shafi ganɗantawa, na nuna yadda t da s da d da z da w suke sauyawa idan wasalin i ko e ya biyo su: mota da motoci, ƙasa da ƙasashe, gida da gidaje, kaza da kaji, ɓarawo da ɓarayi. Wannan shi ne batun da na yi jinga a kansa, Malam ya ba rukuninmu 8 cikin 10, don haka a nan na fi sakin jiki.

Tambaya ta huɗu a kan tsarin gaɓa ce. Na kawo sigogi ukun nan, baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi, na ce ta farko ce marar nauyi, sauran biyun masu nauyi. Na ƙara da cewa dogon wasali ko tagwan wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa, shi ya sa “kai” yake zama “kansa”, “rai” ya zama “ransa”, “mai” ya zama “man gyaɗa”.

Ta biyar ce nake da ɗan shakku a kanta, kuma ita na fi so Malam ya duba mini. Tambayar ta nemi a yi bayanin Dokar Klingenheben, wato raunanar baƙaƙe a ƙarshen gaɓa, wadda Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Na kawo “talaka” da “talauci” don nuna yadda k ya koma wasalin u, da “ɓata” da “ɓarna” don nuna yadda t ya koma r. Da na zo kan baƙaƙen leɓɓa, sai na jingina da karin harshen gidanmu, kasancewata mutumin ƙasar Sakkwato. Na kwatanta “zamna” da “zauna”, “sabka” da “sauka”, “amre” da “aure”, na ce wannan ɓangare na dokar bai game karin harshen yamma ba, shi ya sa har gobe muke riƙe da tsohuwar sigar. Na ɗauki kusan shafi biyu a kan wannan kwatance. A lokacin ina ganin shi ne ƙarfin amsar. Yanzu kuwa ina tambayar kaina ko Malam misalan daidaitacciyar Hausa kaɗai yake so, ko kuma na yi nisa cikin karin harshe na bar ainihin abin da aka tambaya. Idan haka ne, ina so in sani, domin irin wannan salon nake bi a sauran amsoshina na fannin harshe.

Sai dai ko da an ce tambaya ta biyar ban sami komai a cikinta ba, sauran ukun suna da maki 55, kuma 17 ɗin bai kai makin tambaya ta ɗaya ita kaɗai ba. Wannan ne ya sa tunanina ya koma kan wani abu da ya faru a ɗakin jarrabawa.

Takardar amsa ta farko ta cika mini tun ina tsakiyar tambaya ta biyu, saboda rubutuna manya ne kuma na zana jadawali. Na ɗaga hannu aka ba ni ƙari. Ƙarashen ta biyu da ta huɗu da ta biyar duk a ƙarin suke. Lokacin karɓa, zaren da ake ɗaurewa da shi ya ƙare a layinmu, sai mai sa ido ya ce in saka ƙarin a cikin ta farko, za a haɗa su daga baya. Na rubuta lambata a kan duka biyun, na kuma sa hannu a takardar halarta. Ba ina ɗora wa kowa laifi ba ne, ajinmu ya haura mutum ɗari, kuma duk wanda ya ga yadda ake tattara takardu a ƙarshen jarrabawa ya san aikin ba ƙarami ba ne. Amma idan ƙarin ya zame ya shiga wani wuri, to abin da ya iso hannun Malam tambaya ɗaya ce da rabi, kuma 17 zai iya zama makinsu daidai.

Na fara kai maganar wajen kodinetan ajinmu. Ya duba ya ce jimilla kawai yake gani a wajensa, rabe-raben makin yana hannun Malam da jami'in jarrabawa na sashe. Ya kuma shaida mini cewa akwai hanyar rubuta takardar neman a sake duba jarrabawa ta ofishin shugaban sashe. Ban bi wannan hanya ba, kuma ba na son in bi ta ba tare da na ji daga bakin Malam ba. A ganina bai kamata ɗalibi ya tsallake malaminsa ya kai takarda sama a kan abin da wataƙila bayanin minti biyar zai warware ba.

Abin da ya sa na damu har na rubuto shi ne, kwas ɗin mai nauyin uku ne, kuma ya sauko da jimillar makina daga 3.56 zuwa 3.48, ƙasa da 3.50 da ake buƙata don digiri mai daraja ta biyu babba. Tun da E ba faɗuwa ba ce, babu damar in sake ɗaukar kwas ɗin in gyara. Bayan haka, a fannin tsarin sauti nake da niyyar rubuta kundina a aji huɗu, a kan karin harshen garinmu. Idan har akwai abin da na fahimta a karkace, gara in ji shi yanzu kafin in ɗora kundi a kansa.

Roƙona ga Malam, idan hali ya yi, a duba ko takardun amsata guda biyu ne a cikin ƙunshin, a kuma ga ko makin da ke jikinsu ya yi daidai da wanda aka shigar. Idan duk suna nan kuma makin haka yake, to na karɓa, sai in roƙi Malam ya ba ni ɗan lokaci ya nuna mini inda na kauce, ko da a taƙaice ne. Ba ni da lacca ranar Talata daga ƙarfe 12 zuwa 2, da ranar Alhamis bayan sallar Azahar, amma duk lokacin da ya fi wa Malam sauƙi zan zo. Idan kuma ƙa'idar sashe ba ta yarda ɗalibi ya ga takardarsa ba, bayanin Malam kaɗai ya wadatar da ni.

Na maƙala hoton katin jarrabawata, da shafin sakamakon daga fotal, da takardar gwajin da Malam ya duba ya dawo mana da ita.

Ina neman afuwa saboda tsawon saƙon, da kuma duk wata kalma da ta fita ba daidai ba. Na gode ƙwarai da karantarwa da haƙurin da Malam yake yi da mu. Allah ya saka da alheri, ya dawo da Malam lafiya.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Nura
Aji uku, Sashen Harsunan Nijeriya