Tafiyar Ɗigo: umarnin haɗa katun na yara kan zagayen ruwa

Ku haɗa katun na minti 4 don yara 'yan shekara 5 zuwa 8. Abu ɗaya nake so yaro ya tashi da shi: ruwan da ya sauko daga sama yau, shi ne dai wanda ya taɓa zama a teku, ya hau sama, ya dawo. Zagaye yake yi.

Tauraronmu ɗigon ruwa ne mai suna Ɗigo, shuɗi, kewayayye, mai manyan idanu da yawan tambaya. Launuka su yi haske: shuɗin sama, koren ganye, rana ruwan ɗorawa mai fara'a. Layin zane ya yi kauri, kada a cika allo da tarkace. Mai ba da labari mace ce mai taushin murya, jimlolinta gajeru, tana ɗan dakatawa bayan kowace tambaya don yara su amsa.

A buɗe da teku da safe. Ɗigo na lilo a kan igiyar ruwa da 'yan'uwansa. Murya ta ce: "Yara, kun san kusan duk ruwan duniya a teku yake? In aka raba shi kashi 100, wajen kashi 97 na nan, kuma mai gishiri ne." Rana ta ɗago, ta ɗumama ruwan. Ɗigo ya ce, "Kai, jikina ya yi sakayau!" Sai ya fara tashi. Ƙwayoyin gishiri su tsaya a ƙasa suna ɗaga masa hannu, domin gishiri ba ya bin tururi, shi ya sa ruwan sama ba shi da gishiri.

A nan ku kula sosai. Tururin da ke tashi daga teku ido ba ya ganinsa, don haka kada ku zana shi kamar hayaƙi. Jikin Ɗigo ya dushe har ya zama ɗige-ɗigen layi kawai, idanunsa na nan. Murya ta tambaya: "Ina Ɗigo ya shiga? Yana nan, ya zama tururi ne, ya ɓuya a cikin iska."

Can sama akwai sanyi. Ɗigo ya fara rawar ɗari, ya ga wata 'yar ƙwayar ƙura tana shawagi, ya rungume ta, sai jikinsa ya dawo, ɗan mitsitsi. Dubban irinsa su yi haka a gefensa. Kamara ta ja baya a hankali har yaro ya gane cewa taron nan nasu shi ne gajimare. Wannan ne wurin da na fi so a ba lokaci, ko da daƙiƙa 50 ne, saboda yara da yawa na ɗaukar gajimare auduga ce ko hayaƙi. Ɗigo ya tambayi na kusa da shi, "Mu nawa za mu haɗu kafin mu faɗa?" A ba shi amsa: "Wajen miliyan ɗaya, sannan mu zama ɗigon ruwan sama guda!" Su riƙa cin karo suna haɗewa suna dariya, gajimaren ya yi toka-toka, ya yi nauyi. Ban da tsawa mai firgitarwa. Ɗan rugugi mai laushi ya isa.

Sai saukowa. Ɗigo na ihun murna. A gefe a nuna wata ƙawarsa da ta sauka kan dogon dutse mai tsananin sanyi, ta zama dusar ƙanƙara mai tsinke 6, ta ce za ta jira zafi ya narkar da ita.

A ƙasa hanya ta rabu uku. Wasu su nutse cikin ƙasa, a yanka hoton a ga yadda suke taruwa tsakanin yashi da duwatsu har su ɓullo a maɓuɓɓuga. Wasu saiwar bishiya ta zuƙe su, su hau har ganye, su fita ta 'yan ƙananan ƙofofi su koma iska. Ɗigo kuwa ya bi ƙorama, ta kai shi kogi, kogi ya kai shi teku. Wannan ɓangaren ya yi sauri, da kiɗa mai tsalle-tsalle.

Da ya isa, gishiri ya ce, "Sannu da dawowa!" In za a sa bakan gizo, kada ya kasance a gefen da rana take: rana a gefe ɗaya, shi kuma a ɗaya gefen. Kibiyoyi huɗu su fito su haɗa da'ira, yara su rera da Ɗigo sau biyu, suna tafi:

Rana ta ɗaga ni,
Sanyi ya tara ni,
Gajimare ya sako ni,
Kogi ya mai da ni!

Rana ta sake leƙowa, Ɗigo ya kalli yara ya kashe ido ɗaya, ya ce, "Mu sake?" Allo ya rufe a kan dariyarsa.