Minti Huɗu da Rabi

Saƙon Nasiru ya shigo bayan Isha'i, Hadiza na ninke kayan yara.

"Yaya, don Allah ki turo man muryar Baba. Duk wadda kike da ita. Wayata ta hwaɗa ruwa, komai ya tai."

Ta ajiye wayar a kan katifa, ta ci gaba da ninki. Rigar makarantar Amira sau biyu ta ninke ta.

Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam Garba. Allo ya yi, bai yi boko ba, lissafin buhunan shinkafarsa ma da ajami yake rubutawa. Da ta saya masa babbar waya a 2020 sai wani yaron maƙwabta, Sani, ya koya masa danna alamar makirfo a WhatsApp. Daga ranar Hadiza ba ta ƙara rasa labarin Argungu ba, ko da yake aure ya kawo ta Birnin Kebbi. Kowane saƙo da sallama yake farawa, sannan ya yi shiru kamar mai jiran a amsa. Ita kuwa amsawa take yi, ko a gaban mutane. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai "Uwata".

Akwai na shekarar ambaliya, da ya tsaya a bakin fadama yana gaya mata ruwa ya shanye shinkafa har ba a ganin kunya, muryarsa ƙalau, kwaɗi na ta kuka a bayansa. Akwai na farashin taki. Akwai wanda ya manta bai saki yatsa ba, aka ɗauki tafiyarsa tun daga zaure har masallaci, da duk gaisuwar da ya yi a hanya. Wannan ta fi saurara.

Sai kuma guda ɗaya mai minti huɗu da rabi.

A 2023 aka cire tallafin mai, fetur ya yi tsada, noman rani ya koma sai mai ƙarfi. Nasiru ya duba ya ga babu riba, ya ɗauki injin ban ruwan Baba ya sayar ba da saninsa ba, ya cika kuɗi ya sayi babur don kabu-kabu. A daren Baba ya yi mata saƙo. Ya fara kamar kullum, har ya ba ta labarin ranar da ya goya ta a wuya zuwa kogin Matan Fada kallon kamun kifi, ta ga ƙaton giwan ruwa ta fashe da kuka. Ya yi dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari. Duk cikin saƙonnin nan kaɗai dariyarsa take. Sannan murya ta sauya.

"Uwata, wanga yaro ya ci amanata. Shekara goma sha ina tattalin injin ga. Ban yahe mai ba. Ke jiya? Ban yahe ba."

Nasiru bai san da wannan magana ba. Abin da ya sani, Baba ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya sauko. A kan babur ɗin nan ma ya riƙa kai shi asibiti da ciwon ya yi tsanani, Baba na riƙe da ƙugunsa. Amma ko sau ɗaya Hadiza ba ta ji kalmar yafiya daga bakinsa ba, kuma ta bi saƙonnin da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya tana nema.

Maigidanta ya ga ta daɗe zaune, ya tambaya, ta gaya masa.

"To ki tura masa sauran mana, ki riƙe wannan."

"Wayar a hannun yara take yini. In Amira ta kunna wata rana a gaban kawunta fa?"

"Sai ki goge."

"Maganar Baba ce. Ni wace ce da zan zaɓar masa abin da ya faɗa da abin da bai faɗa ba?"

Ya yi shiru. Can ya ce shi dai da za ta bi tasa, duka za ta goge. Mamaci addu'a yake buƙata da sadaka, kuma yana jin ta cikin dare tana kunna su ƙasa-ƙasa tana kuka. Ba da faɗa ya faɗa ba, ta kuma san akwai gaskiya a ciki. Har ta danne saƙon farko, ta zaɓi na biyu da na uku, alamar kwandon shara ta fito a sama. Sai ta fita daga shafin, ta sa wayar a caji.

Ran Asabar ta shiga mota zuwa Argungu.

Ta tarar da Inna a tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Bayan gaisuwa da tambayar jikoki, Hadiza ta ja tabarma kusa, ta ce akwai abin da take so ta jiyar da ita. Da sallamar ta fito daga wayar, Inna ta amsa, ta ajiye faifai. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba.

"Ashe tana nan," in ji ta.

"Kin san da ita, Inna?"

"A gabana anka yi ta. Ni ce mashi Malam bari hushi shi huce, ya ƙiya." Ta goge ido da gefen mayafi. "Bayan sati guda yat tashi sallar dare, da sahe yas sa anka kira Sani. Yac ce a goge maganag ga, baki na uba ba abin wasa ba ne. Sani ya danna, ta ɓace. Malam yac ce alhamdu lillahi, har naira ɗari biyu yab ba yaron."

Hadiza ta gane abin da ya faru. Lokacin Delete for everyone ya riga ya wuce, kwana biyu da 'yan awoyi ne kawai ake bayarwa. Abin da ya rage wa Sani shi ne Delete for me. Daga wayar Baba ta fita, a tata ta zauna. Shi kuwa ya koma ga Allah yana ganin ya janye maganarsa daga duniya.

"Amma Inna, bai ce ya yafe ba."

"Babanki? Ya taɓa ba wani haƙuri da baki? Ran da Nasiru yad dawo da shi daga asibiti, ƙwaryar hurarshi yam miƙa mai. Ke san ba ya yi ma kowa haka."

Hadiza ta dubi wayar. Ta ce a ciki ne dariyarsa take, babu ita a ko'ina kuma. Ta ce ta ji ana iya yanke murya, masu gyaran waya a kasuwa sun iya, a cire farkon a bar mata.

"Ki kai ma yaran kasuwa asirin gidanmu su saurara?" Inna ta ɗauki faifanta. "Shi dai duka yac ce a goge. Amma waya taki ce."

Hadiza ta koma ɗakin Baba. Buzunsa na nan a naɗe, da allon da yake rubutun sha. Ta zauna a bakin gado ta kunna saƙon, ta amsa sallama, ta ji labarin Matan Fada, ta ji dariyar da tarin. Kafin muryar ta sauya ta tsayar. Ta mayar farko ta sake ji. Ta yi masa addu'a, ta yi wa Nasiru. Sannan ta danne saƙon, ta taɓa kwandon, wayar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta danna.

Kukan da ta yi bai daɗe ba, don ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida.

"Yaya! Anka ce kin zo ba ki ko kira ni in ɗauko ki tasha ba?"

Ta wanke fuska a bakin randa, ta fito. Nasiru na tsaye da ledar kifi a hannu, ya rame, ƙura har gira.

"Ina sabuwar wayar?" ta ce. "Kawo nan. Suna da yawa, za su ci data, sai mu tura ta Xender. Ka zauna ka ci abinci tukuna, za a ɗan jima."